Takardar Neman Hutu

Mu marubuta littattafan Hausa an san mu da iya tsara wasiƙa, sai dai galibi ta soyayya ce, wadda saurayi zai cika shafi uku bai faɗi abin da ya kawo shi ba. To yau wata wasiƙar daban nake son mu duba, wadda ba ta kai rabin shafi ba amma tana iya tsare wa mutum albashinsa, wani lokacin ma har da aikin nasa, wato takardar da ma'aikaci ke rubuta wa shugabansa yana neman hutu. Kafin in kama rubutun littafi na yi shekaru ina buga tafireta a wani ofis, irin waɗannan takardu ta hannuna suke bi su shiga wurin oga, ta hannuna kuma suke dawowa, wasu da sa hannu, wasu da jan biro.

Abin da na fahimta a wannan zaman shi ne, mai rubutawa damuwarsa yake kallo, shi kuwa mai karantawa kujerar da za a bari babu kowa yake hange. Tambaya uku ce kacal a ransa. Yaushe za ka tafi ka dawo? Me zai kai ka? Wa zai riƙe aikinka? Takardar da ta amsa waɗannan ba ta kwana a tebur, wadda kuwa ta tsaya magiya da kirari ita ce ake cewa mai ita ya zo a gan shi.

Bari in ba ku misali da ta ƙanena, wanda ke kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. A shekarar 2025 likita ya ba mahaifiyarmu ranar da za a yi mata aikin yanar ido a Kaduna, shi ne kuma namijin da zai raka ta. Ya zo mini da abin da ya rubuta, ya ce, "Yaya, duba mini wannan kafin in kai." Ya yi gaisuwa mai kyau, ya yi wa manaja addu'a har layi huɗu, sannan ya ce yana roƙon a taimaka masa da kwana biyu daga ƙarshen wata saboda wata lalura ta gida. Na ce masa, "Kai yanzu da kai ne manajan, me ka gane a nan? Kwana biyu na Bahaushe ai ba shi da ƙarshe, mutum sai ya yi wata uku a Legas ya ce kwana biyu ya yi."

Daga nan muka ɗauko kalanda. Aikin idon ranar Talata ne, 30 ga Satumba, kuma an ce a dawo da ita bayan mako guda a sake dubawa. Saboda haka zai tashi daga Litinin 29 ga Satumba zuwa Juma'a 10 ga Oktoba. Idan aka ƙirga a kalanda kwana 12 ne, amma su ba sa aiki Asabar da Lahadi, saura 10 ke nan. A cikin goman nan kuma akwai Laraba 1 ga Oktoba, ranar samun 'yancin kai, wadda dama hutu ce ga kowa, saura 9. Kun ga bambancin kwana 12 da kwana 9 ba ƙarami ba ne ga wanda ragowar hutunsa na shekara kwana 11 ne. Da ya rubuta 12, mai riƙe da fayil zai ce ya zarce haƙƙinsa, alhali kuwa har da rarar kwana 2 zai bari. Sai dai kowa ya duba takardar ɗaukarsa aiki, domin wasu wuraren da kwanakin aiki suke lissafi, wasu kuma da kwanakin kalanda.

Abu na biyu da na nace a kai shi ne ranar dawowa bakin aiki. Mutane da yawa kan rubuta ranar da hutu zai ƙare su tsaya nan, sai a wayi gari oga yana jiran mutum ranar Juma'a shi kuwa a ransa Litinin ce. A rubuta su duka, da sunan ranar da kwanan watan. Haka nan kada a ɗaure ranar da abin da bai tsaya ba, irin su "bayan Sallah" ko "in an sallame mu". Sallah dai sai an ga wata, sallama kuma a hannun likita take, shi kuwa ofis lamba yake so.

Batun dalili kuwa, a nan ne kunyarmu ke cutar da mu. Wani zai ɓoye gaba ɗaya ya ce lalura, wani kuma zai zazzage sirrin gidansu kaf, ya manta cewa takardar nan masinja zai ɗauka, akawu zai karanta, sannan ta zauna a fayil shekara da shekaru. Jimla ɗaya ta gaskiya ta wadatar. Amfanin dalilin shi ne ya nuna wa shugaba wane irin hutu ne, kuma ko ranar tana ɗaguwa. Biki ana iya cewa ka rage kwanaki, amma ranar da asibiti ya bayar ba kai ka sa ta ba. Ya kamata kuma a san cewa hutu iri-iri ne. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ƙaramin ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun da bai gaza kwanakin aiki 6 ba tare da albashinsa, ta kuma ba shi har kwana 12 a shekara na rashin lafiya idan akwai shaidar likita. Amma wannan na biyun na jikinka ne kai ma'aikaci, jinyar mahaifiya ba ta shiga ciki, don haka ƙanena daga hutunsa na shekara ya nema, ya kuma faɗi hakan a fili.

Sai babbar magana, wato wanda zai riƙe aiki. Na tambaye shi, "Me ke faruwa a siton naku a cikin kwanakin nan?" Ya yi shiru yana lissafi, can ya ce kowace Talata babbar mota na sauke kaya, kullum da safe ana fitar wa masu rabo nasu, sannan ranar 30 ga wata ake miƙa rahoton abin da ya rage a sito. Ashe ranar da za a shiga da Inna ɗakin tiyata ita ce ranar da ofis ya fi bukatarsa. Wannan shi ne abin da manaja zai fara tunawa da ya ga kwanan watan, don haka gara takardar ta riga shi faɗa, ta kuma zo da mafita. Ga yadda ta kasance bayan mun gyara, duk da cewa da Turanci ya miƙa ta:

"12 ga Satumba, 2025. Zuwa ga Manaja, ta hannun Shugaban Sashen Kaya. Ranka ya daɗe, ina neman izinin tafiya hutu na kwanakin aiki 9 daga cikin 11 da suka rage mini na bana, daga Litinin 29 ga Satumba zuwa Juma'a 10 ga Oktoba, 2025. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 13 ga Oktoba da yardar Allah. Dalili shi ne zan raka mahaifiyata Kaduna inda za a yi mata aikin ido ranar 30 ga Satumba, ga kwafin katin asibiti na haɗa. Mataimakina Malam Wane ya amince zai riƙe sito, ya kuma sa hannu a ƙasa. Ranar Juma'a 26 ga Satumba za mu ƙirga kaya tare a gaban akanta, in miƙa masa makullai da littafin shiga da fitar kaya. Shi zai karɓi motocin ranar 30 ga Satumba da 7 ga Oktoba, shi kuma zai miƙa rahoton ƙarshen wata, wanda zan cike masa har zuwa ranar 26. Wayata za ta kasance a buɗe kullum bayan la'asar. Na gode."

Ku lura da sa hannun mataimakin nan. Na sha ganin takardar da aka rubuta sunan mutum cewa shi zai riƙe aiki alhali bai ma ji labari ba, ko kuma shi ma ya riga ya nemi hutu a makon. Da zarar oga ya kira shi ya ce bai sani ba, takardar ta mutu, kuma an shiga zargin duk abin da ke cikinta. Ƙirgar kaya a gaban mutum na uku ita ma ba rashin yarda ba ce, kariya ce ga su biyun. Idan aka dawo aka tarar katan 20 na madara sun yi ƙafa, takardar da aka sa wa hannu ranar 26 ce za ta nuna a hannun wa suka ɓata, ba sai an kai ga rantsuwa da ɓacin zumunci ba. Haka abin yake ga malamin makaranta da ajinsa, ko mai karɓar kuɗi da akwatinta. Duk abin da ke da makulli ko lissafi, a ƙirga a rubuta kafin a miƙa.

Shi da kansa ya tambaye ni, "To Yaya, in ya ce mini in je kawai ba komai fa?" Na ce ya yi godiya, sannan cikin ladabi ya roƙi a rubuta a jikin takardar. Izinin baki yana tafiya da mai bakin. Ana iya yi wa oga canjin wurin aiki kana Kaduna, ko ya manta, sai ka dawo ka tarar da takardar tuhuma cewa ka bar aiki babu izini, ga kuma yankan albashi. Mu a gida mukan ce shiru ma amsa ce, amma a ofis miƙa takarda ba samun izini ba ne. Ya yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya, ya riƙe abinsa. Da aka kwana huɗu bai ji komai ba ya bi sawu, ranar Alhamis ta fito da sa hannu. Amfanin kai ta da wuri ke nan, sama da mako biyu kafin tafiya, domin ko da an ce a gyara wani abu akwai sarari.

Saura abu ɗaya. Tafiyar asibiti ba ta cika ƙarewa yadda aka tsara ba. Idan ka ga alamar kwanakin ba za su isa ba, kada ka bari sai ranar da ake sa ran ganinka sannan ka kira. Tun da sauran kwana biyu ko uku ka aika a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka faɗi sabuwar ranar dawowa, ka kuma tabbatar mai riƙe maka aiki ya yarda ya ci gaba, domin shi ma yana da nasa uzurin. Mutuwa da haɗari kuwa ba sa jiran takarda, a nan sai a kira a sanar nan take, a biyo da rubutu da zarar an sami natsuwa.

Wanda ya riƙe maka aiki kuma kada ka dawo masa hannu rabbana, ko tsarabar ƙuli-ƙuli ce ka riƙo masa, ka kuma shirya riƙe nasa ranar da tasa ta taso. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai wani jiƙon, na bar ku lafiya.