Idan Rauta ta Karkatar da Hanya

A shagon rajistar jarrabawa a Damba, idan shafuka suka yi nauyi, talla tana ta faɗowa, kamfanin layi akan zarga. Amma wani lokaci DNS ɗin rauta aka sauya, wato jagoran da ke kai sunan shafi ga adireshinsa. Jagoran ƙarya kuwa yana iya kai mutum shafin banki na jabu.

Rarrabewa ba wuya. Idan kwamfuta ɗaya ce ke fama, mai yiwuwa ƙari ne ya maƙale a burauza, sai a cire shi. Idan duk na'urori ne, amma waya ta warke da datar layinta, mai yiwuwa rauta ce. A buɗe adireshin da ke jikinta, galibi `192.168.1.1`, a duba DNS. Baƙuwar lamba na nufin a danna `Reset`, a sauya kalmar sirri nan take, domin ta asali ce ƙofar ɓarawo.