Taba Sigari da Idanun Kawuna

Kowa ya san taba sigari tana cin huhu, amma ba a cika maganar ɓarnar da take yi wa ido ba. Ni kuwa a gidanmu na gani.

Kawuna tela ne, ya shekara 35 yana shan kwali guda kullum. Da fari yana ce ta rufe masa idon dama, kome sai ya gan shi cikin hazo. Aka yi masa aiki, aka cire madubin idon da ya dushe, aka sa na roba, ya koma kan kekensa.

Na hagun ne ya gagara. In ya rufe na dama ya dubi bakin ƙofa, sai ya gan shi a karkace. In ya dube ni, kunnuwana yake gani, ban da hanci da baki. Likita ya ce makula ce ta lalace, wato ɗan wurin nan na can bayan ido wanda da shi ake karatu da zura zare a allura. Gubar hayaƙi tana raunana jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, har haɗarin mashayi ya ninka na wanda ba ya sha.

Wannan kam aiki ba ya gyara shi. Likita ya ce ya bar taba, ko na daman ya tsira.