Biza ba fasfo

Yau wani abu da ya faru a ƙungiyarmu ta asusu a nan Maradi zan ba ku labari, don na san irinsa yana yawo a cikin wayoyin ƴaƴanmu.

Wata ranar Alhamis muna zaman zubi, wata mambarmu mai tuyar ƙosai ta nemi bashin jika 50. A dokarmu duk mai neman bashi sai ta faɗi abin da za ta yi da shi a gaban kowa. Ta ce ɗanta ne ya samu aiki a Dubai. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ni ma ba zan kama ba. Ɗan kabu-kabu ne, shekara uku yana tara kuɗi don ya sayi babur nasa na kansa, ya daina biyan mai babur kullum. Ya tara jika 275.

Na ce bashin da ya kai haka ba ma fidda shi ranar da aka tambaya, sai zama mai zuwa. Ta ɓata rai, ta ce kwana uku kawai aka ba shi. Kwana ukun nan ne ya tsaya mini a rai. Da magariba na aika aka kira yaron, ya zo da wayarsa.

Ga yadda abin ya tafi. Wani ya rubuto masa ta WhatsApp cewa kamfani na neman direbobi, albashi jika 400 a wata, da ɗaki da abinci. Aka ce ya aika hotonsa da hoton katin ɗan ƙasa, da jika 25 kuɗin rajista. Ya aika. Bayan kwana biyu sai ga hoton takarda mai tambari, da sunansa da fuskarsa, aka ce bizarsa ce ta fito. Saura jika 300 na likita da tikitin jirgi, in ya wuce kwana uku za a ba wani gurbinsa. Da saura jika 250 a hannunsa, shi ya sa uwar ta zo neman cikon.

Ni ban taɓa hawa jirgi ba, amma na yi wa yayata rakiya lokacin shirin hajjinta. Na tambaye shi, "Ɗana, ina fasfonka?" Ya ce, "Inna, ai sun ce su za su yi mini a can." Na ce masa fasfo ƙasarka ce ke ba ka, kuma da kanka kake zuwa a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Biza kuma da lambar fasfo ake yin ta. Wanda bai da fasfo, bizarsa a kan me aka ɗora ta?

Sai muka duba wurin da zai aika kuɗin. Babu sunan kamfani, sunan wani mutum ne, kuma ba shi ne wanda ya karɓi jika 25 na farko ba. Lambar da ke kiransa ma ba ta fara da +971 ba, lambar ƙasar da Dubai take.

Duk da haka bai yarda ba. Ban ga laifinsa ba, ya riga ya faɗa wa abokansa zai tafi. Na ce to mu gwada. Ya rubuta musu cewa kuɗin sun cika, amma kawunsa zai kai su ofishinsu da hannu, ya karɓi rasit, su faɗi unguwa da ƙofa. Suka ce ofishin ana gyara. Ya ce to a cire kuɗin daga albashinsa na farko. Nan take suka rage zuwa jika 200 in zai aika kafin safe. Kuɗin likita da tikiti ba tumatir ba ne da ake yi wa ragi da yamma. Da ya sake tambayar ofishin, suka toshe lambarsa.

Ya daɗe zaune bai ce komai ba. Jika 25 sun tafi, ba su dawo ba. Washegari ya kai saƙonnin komisariya, saboda hoton katinsa yana hannun mutanen.

Uwar kuwa mako biyu ba ta gaishe ni da kyau ba. Ta ce a lokacin gani take na tare wa ɗanta arziki. Da mun buɗe akwati ranar nan, da ajiyar shekara uku ta tafi, ita kuma tana biyan jika 50 da riba daga kaskon ƙosai.

Daga nan muka ƙara wa dokarmu layi guda: bashin tafiyar aiki waje ba ya fita sai mun ga fasfo a hannu, kuma wani namu ya taka ofishin da ƙafarsa. Yaron yana nan yana kabu-kabu, yana ci gaba da tara kuɗin baburinsa.