Minti Goma Sha Biyar Kafin Jimlar Farko

Sana'ata fassara ce, daga Turanci zuwa Hausa, kuma ba na taɓa jimlar farko sai na ware kimanin minti 15 na kintsa. Tebur ba ya cin lokaci: ƙamusu a dama, takardar da nake tara kalmomin aikin a hagu, kwamfuta a jikin caji tun da sauran wuta, domin batirina awa 3 yake yi, ba ya ƙari.

Daga nan sai in gwada haruffa. Nakan buɗe takardar da zan yi aiki a kanta, in rubuta ƙoƙari, ɗaɗɗaya, ɓarna, da irin zanen harafin da mai aikin ya zaɓa. Ba kowane zane ne yake da ƙ, ɗ da ɓ ba. Idan babu su, Word yakan aro su daga wani zanen ba tare da ya sanar da kai ba, sai ka ga mai lanƙwasar ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo, wani lokacin ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinta. Gano wannan a layin farko aikin daƙiƙa 30 ne. Idan sai a shafi na 20 aka lura, to yammacin ranar ya tafi.

Saƙonni ne suka fi bukatar taka-tsantsan. Abokan aiki da yawa sukan ce kada a buɗe su da safe sam, ni kuwa ban yarda ba. Ina buɗewa, amma da tambaya ɗaya tak: akwai wanda ya sauya aikin da zan fara yanzu? Gaisuwa, gayyatar ɗaurin aure da neman farashi duk suna iya jiran azahar.

Ga misali. Ana fassara rahoto mai kalma 4,000, an yi rabi jiya, sai cikin dare mai aikin ya turo sabon kwafi da cewa "ɗan gyara ne kawai". Wannan "ɗan" ba abin dogaro ba ne. Nakan sauke sabon, in sa masa suna mai kwanan wata, kamar `2025-03-14_rahoto_02.docx`, don kada ya hau kan tsohon. Sannan in shiga Review, in zaɓi Compare, in haɗa su biyun. Cikin minti ɗaya duk abin da aka cire ko aka ƙara zai bayyana. In sakin layi 3 ne suka sauya a rabin da na gama, da su zan fara. In kuwa shafukan sun cika da alamun gyara, sai in rubuta wa mai aikin layi biyu: na ga sabon kwafi, ranar miƙawa za ta matsa zuwa kaza. Bayan haka in kife wayar, in nemi inda na tsaya jiya.