Wasiƙar Malam ga ƴan shekarar farko: a yi bitar netwokin da biro a hannu

Ɗaya daga cikin malaman da ke koyar da netwokin ya rubuta wa ƴan shekarar farko wasiƙa mai shafi biyu a kan yadda za su yi bitar jarrabawa. An raba ta a aji, wasu sun karanta, wasu kuma na tabbata sun naɗe ta sun cusa a aljihu, sai ranar wanki za a sake ganin ta. Ni ina shekarar ƙarshe, na riga na wuce wannan kwas, amma da ƙanen abokina ya nuna mini ita sai na ga bai kamata ta ɓace haka ba. Wanda ya taɓa ganin yadda kari-oba ke bin mutum, yana aji biyu yana zaman jarrabawa da ƴan aji ɗaya, ga iyaye a Shinkafi ko Zurmi sun sayar da buhun gero sun biya kuɗin makaranta, ya san abin ba wasa ba ne.

Maganar Malam guda ce, ya juya ta ta hanyoyi daban-daban. Ya ce yawancin ɗalibai suna yi wa netwokin irin karatun da suka yi wa tarihi a sakandare, wato haddace ma'anoni da jerin sunaye. Su haddace matakai bakwai na OSI daga sama zuwa ƙasa, su shiga ɗakin jarrabawa suna murna, sai su tarar tambayar da ta fi maki lissafi ce. Shawararsa ita ce duk wanda ya zauna bita ya ajiye biro da farar takarda a gabansa, idan ya tashi bai cika shafi da lissafin hannunsa ba, to ranar kallon littafi kawai ya yi.

Abu na farko da ya ce a riƙe shi ne rarraba adireshi, abin da muke kira sabnetin. Ya ba da misalin da ya yi mini daɗi domin da garuruwanmu ya yi shi. A ɗauka wani ɗan kasuwa yana da babban shago a Ƙaura Namoda mai kwamfuta 60, da reshe a Shinkafi mai 28, da wani a Zurmi mai 12. An ba ka `192.168.10.0/24`, an ce ka raba musu. Wannan `/24` yana nufin lambobi uku na farko ba naka ba ne, ba ka taɓa su. Ta ƙarshe ce kaɗai a hannunka, daga 0 zuwa 255, adireshi 256 ke nan.

Ana rabon ne kamar yankan fili, sai dai fulotan suna da girman da ba a sauyawa: 4, 8, 16, 32, 64, 128. Kuma a kowane fuloti adireshi biyu ba na kwamfuta ba ne. Na farko sunan netwok ɗin ne, na ƙarshe kuma na shela ne, wanda ake aika saƙo ga kowa da kowa da shi, wato burodkas. Saboda haka fuloti mai 64 mutum 62 yake ɗauka, mai 32 yana ɗaukar 30, mai 16 kuma 14.

To, sai a fara da babba. Ƙaura tana da kwamfuta 60, ga rauta ita ma tana buƙatar adireshi ɗaya domin ita ce ƙofar fita, sun zama 61. Fuloti mai 64 ya ishe su, daga 0 zuwa 63. Shinkafi 28 da rauta, 29, mai 32 ya isa, ya tashi daga 64 ya tsaya a 95. Zurmi 12 da rauta, 13, mai 16 ya isa, daga 96 zuwa 111. Saura layuka biyu da ke haɗa rautar Ƙaura da ta kowane reshe. Kowane layi adireshi biyu kawai yake so, sai a ba shi fuloti mai 4. Ga yadda amsar za ta fito a takarda:

```
192.168.10.0/26    255.255.255.192   1-62
192.168.10.64/27   255.255.255.224   65-94
192.168.10.96/28   255.255.255.240   97-110
192.168.10.112/30  255.255.255.252   113-114
192.168.10.116/30  255.255.255.252   117-118
```

Layi na farko na Ƙaura ne, na biyu Shinkafi, na uku Zurmi, biyun ƙarshe na tsakanin rautoci. Lambar ƙarshe ta mas ba sai an haddace ta ba. Ka cire girman fuloti daga 256, shi ke nan: 256 a cire 64 saura 192, a cire 32 saura 224, a cire 16 saura 240.

Inda wasiƙar ta fi amfani a wurina shi ne inda Malam ya nuna ramuka biyu da ake faɗawa. Na farko, a ce an sauya tambayar, Zurmi tana da kwamfuta 14. Ɗalibi ya ga fuloti mai 16 yana ɗaukar 14, sai ya ce madalla, ya yi daidai. Ya manta rauta. Da ita sun zama 15, dole a haura zuwa mai 32. Shi ya sa ya ce a karanta tambayar da kyau a ga ko adadin da aka bayar ya haɗa da rautar, idan ba a faɗa ba, ka rubuta abin da ka ɗauka a saman amsarka domin mai makin ya gani.

Rami na biyu shi ne farawa da ƙarami. Ka ba Zurmi 0 zuwa 15, sannan ka ce Shinkafi ta tashi daga 16 da fuloti mai 32. Ba zai yiwu ba, domin fuloti mai 32 yana farawa ne kawai a 0, 32, 64, 96, haka har ƙarshe. Lamba 16 tana tsakiyar fulotin da ya fara daga 0, ka ga ka ɗora Shinkafi a kan filin Zurmi. Daga nan ne ya fitar da hanyar da mutum zai duba aikinsa ba tare da kowa ya gaya masa ba: ka raba lambar farko ta kowane fuloti da girmansa, idan ya bar saura, akwai kuskure. A raba 64 da 32, biyu cif. A raba 96 da 16, shida cif. A raba 112 da 4, ashirin da takwas cif. Wannan dubawar ba ta cin minti ɗaya, kuma wallahi tana ceton maki da yawa.

Abu na biyu a wasiƙar shi ne bin saƙo daga inda ya tashi har inda ya sauka. Malam bai ce a watsar da matakan OSI ba. Cewa ya yi a koye su ta hanyar ba da labarin saƙo guda. A ce kwamfuta mai `192.168.10.100` a Zurmi za ta aika wa `192.168.10.70` a Shinkafi. Da farko za ta duba mas ɗinta, ta ga unguwarta ta tsaya tsakanin 96 da 111, lamba 70 ba ƴar unguwa ba ce. Sai ta miƙa saƙon ga rautar Zurmi. Kafin ta miƙa, sai ta nemi adireshin MAC na rautar ta hanyar ARP, domin a cikin unguwa da MAC ake gane juna. Rautar Zurmi ta duba jadawalinta ta tura Ƙaura, ta Ƙaura ta tura Shinkafi.

Tambayar da malamai ke so a nan ita ce, me ke sauyawa a hanya, me kuma ke nan yadda yake? Ni da tasha nake tuna amsar. Ka ba direba saƙo a Zurmi, ya sauke shi a Ƙaura, aka ɗora shi a motar Shinkafi. Sunan mai karɓa da aka rubuta a jikin kwalin bai sauya ba, wannan shi ne adireshin IP. Motar da direban su ne suka sauya, su ne adireshin MAC, a kowace rauta ana cire tsoho a sa sabo. Wanda ya iya ba da wannan labari da bakinsa ya riga ya san bambancin mataki na biyu da na uku, da bambancin aikin suwic da na rauta, ba tare da hadda ba.

Daga wannan labarin kuma ake samun amsar tambayoyin gyara. Idan aka ce kwamfutar Zurmi ba ta kai wa ga Shinkafi, Malam ya ce kada a yi ta jefa dalilai barkatai, a bi daga kusa zuwa nesa:

```
ipconfig
ping 192.168.10.97
ping 192.168.10.70
```

A nan an ɗauka 97 ce rautar Zurmi. Idan `ipconfig` ya nuna adireshin da ya fara da `169.254`, kwamfutar ta nemi adireshi a wurin DHCP ba ta samu ba, sai ta laƙaba wa kanta, matsalar tun daga gida take. Idan adireshin daidai ne amma rauta ba ta amsa ba, a duba waya da suwic da mas. Idan rauta ta amsa, Shinkafi ta yi shiru, a fara da duba `Default Gateway` na kwamfutocin biyu, sannan jadawalin rautoci. Kowane mataki yana rage wuraren da za ka zarga.

Kan lokaci, shawararsa rabin awa kullum, tambayar sabnetin biyu ko uku, babu kalkuleta, na tsawon makonni ukun ƙarshe. Na yarda da shi, domin lissafin nan sabo yake so, wanda ya bar shi sai daren jarrabawa zai gane hanyar amma agogo zai cinye shi. Ya kuma ce mai laftof ya gina misalin a Packet Tracer ya ga ko `ping` zai wuce. Nan ne kawai zan ƙara nawa. Da yawa daga cikinmu ba mu da laftof, masu ita ma sai an kawo wuta. Kada wannan ya sa wani ya karaya, domin takardar rubutu da biro ake amsa ta. Ku haɗu ku uku, ɗaya ya ƙirƙiro tambaya ya sauya lambobin, ya ce Ƙaura 100, Shinkafi 50, Zurmi 20, biyu su yi kowa a takardarsa, sannan a gwada. Inda amsoshi suka saɓa, a nan karatun yake. Mu haka muka yi a ɗakinmu, wani lokaci da tocilar waya.

Ƙannena ƴan shekarar farko, ku nemo wasiƙar nan duk inda kuka jefa ta. Yau da daddare ku gwada wannan ta 100, 50 da 20, ku duba ko layukan rautoci biyu za su samu wuri a cikin 256 ɗin. Za su samu, idan kun fara da babba. Allah Ya ba da sa'a.