Sigina 40, littafin rubutu ɗaya, da kuɗin rajistar ƙanena

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, amma wanda yake cikin guruf ɗin sigina na biya, ko ake zawarcinsa ya shiga, ya daure ya kai ƙarshe.

Akwai ƙanena, ɗan baffana, muna zaune unguwa ɗaya a Dubeli, kuma tare muke tsallaka gada zuwa Girei, shi yana aji uku, ni ina fama da mastas. Wani dare muna wajen mai shayi ya ce min, "Yaya, rabin kuɗin rajistata ya tafi." Ashe wata guda ke nan yana biyan naira dubu 25 a wani guruf na Telegram mai bayar da siginar zinare, ya kuma zuba dala 100 a asusun foreks. Tallar guruf ɗin ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na siginarsu suna ci, riba tabbas ce. Da ya yi ƙorafi, adimin ya ce laifinsa ne, yana makarar shiga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron ya yarda. Neman rance yake yi ya sabunta biyan wata.

Ni ba ɗan foreks ba ne, amma na saba da tattara bayanai saboda binciken da nake yi. Na ce masa kada ya sake biyan ko sisi sai mun zauna da littafin rubutu.

Ga yadda siginar tasu take zuwa:

```
BUY XAUUSD 3350
TP1 3352  TP2 3355  TP3 3360
SL 3340
```

TP shi ne inda za ka kwashi riba, SL kuma inda za a yanke maka asara. Ku dubi tazarar. Daga wajen shiga zuwa TP1 dala 2 ce, wato maki 20 a lissafinsu, abin da suke rubutawa pips. Zuwa SL kuwa dala 10, maki 100. Faɗuwa ɗaya tana cinye ci biyar. Kafin ka tashi babu riba babu asara, sai ka ci biyar cikin kowane shida, kusan kashi 83 cikin 100. Kuma ko makaho ne ya danna saye da wannan tsarin, zai riƙa ci sau da yawa, domin farashin zinare yana lilon dala 2 cikin 'yan mintuna. Yawan cin da suke tutiya da shi, tazarar ce ta haife shi.

Muka buɗe asusun gwaji a MetaTrader 5, wanda ba a biyan komai, muka sa jadawalin farashi a M1, inda kowane kyandir minti ɗaya ne. A jadawalin awa guda, kyandir ɗaya yana iya taɓa TP da SL duka, ba za ka san wanda ya riga ba, kuma da irinsa adimin yake ɗaukar hotunansa. A nan muka ɓata kusan awa biyu, don babu abin da yake daidaita. Daga baya na gane agogon jadawalin na dillalin ne, yana gaban agogon Najeriya da awa biyu a wannan lokacin na shekara. Duk wanda zai gwada, ya fara kwatanta agogon wayarsa da na kyandir na ƙarshe.

Ƙa'idar da na kafa guda ce. Daga mintin da saƙon ya shigo, me farashi ya fara taɓawa, TP1 ko SL? Na ba guruf ɗin farashin shigarsu daidai yadda suka rubuta, domin kada maganar makara ta sake tasowa.

A cikin guruf ɗin mun ƙirga sigina 34 na watan. 31 sun ci, 3 sun faɗi. Kashi 91 ke nan, kamar yadda talla ta ce. Ƙanen nawa har ya fara murmushi. Sai na ce ya buɗe tarihin cinikinsa, tunda babu siginar da ta wuce shi. Ciniki 40 muka gani. Shida ba su da saƙo a guruf, an goge, amma lambobin TP da SL da ya kwafa suna nan a asusunsa. Muka bi su a jadawalin ɗaya bayan ɗaya, duka shidan SL suka fara taɓawa.

Lissafin ya koma ci 31, faɗuwa 9. Cin ya kawo maki 620, faɗuwar ta kwashe 900. Asarar maki 280, tun kafin a cire ɗan bambancin farashin saye da sayarwa da dillali yake yanka a kowane ciniki. A mafi ƙanƙantar girman ciniki, 0.01, dala 28 ke nan. Shi kuwa da ya ga ci yana jeruwa, sai ya ninka girman, shi ya sa dala 100 ɗinsa ta koma ƙasa da rabi. Ko da ya shiga a sakan ɗin da saƙo ya faɗo, asara zai yi.

To ina suke samo dubban makin da suke sanarwa duk Juma'a? Idan ciniki ɗaya ya kai TP3, sai su tara 20 da 50 da 100 su ce 170, alhali farashin maki 100 ya tafi. Idan ya taɓa TP1 ya dawo ya fasa SL, su ce an ci, ko da yake wanda ya jira TP2 ya ƙone. Saƙonni huɗu kuma suna ɗauke da alamar edited, ɗaya daga ciki farashin shigarsa ya faɗa daidai kan ƙasan kyandir, kamar an auna da awo. Wani kuma an tura shi bayan farashi ya riga ya bar wajen shigar da minti uku.

Hotunan riba da suke watsawa ban ma tsaya a kansu ba. Asusun gwaji yana nuna shuɗayen lambobi iri ɗaya da na gaske, kuma hoto yana yankuwa. Wanda yake da tarihin gaske yana iya ba ka investor password na asusunsa, wanda yake ba ka damar kallo kawai ba tare da taɓa kuɗi ba, ko ya haɗa asusun da Myfxbook. Na sa ƙanen nawa ya nemi wannan cikin ladabi. Amsar da ya samu: "Idan ba ka yarda da mu ba, ƙofa a buɗe take." Washegari aka cire shi.

Akwai kuma abin da bai lura da shi ba tun farko. Sharaɗin shiga shi ne ka buɗe asusu ta mahaɗin da adimin ya bayar. Irin wannan mahaɗin, dillalai suna biyan mai shi lada kan cinikin mutanen da ya kawo, sun ci ko sun faɗi. Kuɗin wata daban, wannan daban.

Mun ga MMM a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Waɗancan kuɗinka suke karɓa su riƙe, mai sigina kuwa da hannunka kake asarar, shi ya sa yake da bakin cewa laifinka ne. Kalmar "tabbas" ce ta haɗa su. A Turai, a 2018 hukumar ESMA ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan 'yan wannan ciniki asara suke yi, har ta tilasta wa dillalai su rubuta nasu adadin a tallarsu.

Na san wani zai ce sigina 40 sun yi kaɗan a yanke hukunci kan gwanintar mutum. Gaskiya ne, mai kyau ma yana iya yin mummunan wata. Amma wanda ya ce tabbas, goge saƙo shida ya ishe ni. Wanda yake son gwada nasa guruf ɗin, ya riƙa tura kowace sigina zuwa Saved Messages da zarar ta shigo, domin kwafin yana zama ko an goge na asali, ya yi wata guda bai sa kuɗi ba.

Ƙanena ya cire abin da ya rage, na cika masa da ɗan abin da nake samu a koyarwar yamma, ya yi rajista ana saura kwana uku a rufe. Baffa bai sani ba har yau. Littafin yana hannun wani ɗan ajinsu yanzu, ya kai sigina ta 17 a nasa guruf ɗin.