Yaran da suka rubuta 15, mushe yana jiran 75

Ƴan uwa manoma da makiyaya, malamin lakol ma sai ya koyi aikinsa kafin a ba shi aji. Makarantar horon malamai tana tura ɗalibanta cikin garuruwa su gwada koyarwa, manya suna kallo. Ga labarin wani saurayi da aka turo daga Zinder zuwa wata lakol ta Matameye, cikin ƙasar Kance, a lokacin ɗari, sa'ad da rake ya cika kasuwa.

An sa shi aji na uku, wajen wata malama da ta daɗe a aiki. Yara 60 ne a ajin. Lakol ɗin tana cikin waɗanda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. Irin wannan koyarwa a Zinder aka fara gwada ta, a shekarar 1973. Sati biyu saurayin yana zaune a bayan aji yana kallon malama. Bayan haka ta fara ba shi darasi ɗaya ɗaya. Ran nan aka ce mishi malamin dubawa zai zo ran Talata. Zai zauna cikin aji, ya saurara, ya ba da maki. Makin nan yana cikin abin da za a duba kafin a ba shi takardar malanta. Ubansa kuwa ya sayar da gyaɗarsa ba sau ɗaya ba don wannan karatu.

Malami ba ya shiga aji da ka. Sai ya rubuta takardar shiri tukuna. A samanta ana sa aji, da rana, da sunan darasi, da mintin da zai ci. Sa'an nan a rubuta manufa, watau abin da yaro zai iya yi da kansa in an gama. Sa'an nan kayan aiki. Daga ƙasa sai matakan darasi bi da bi, kowane da mintinsa, da abin da malami zai yi, da abin da yara za su yi.

Darasinsa lissafin kuɗi ne, na minti 30. Daren Litinin ya zauna gaban fitila ya rubuta manufa kamar haka: yaro ya iya tara kuɗin kaya biyu, ya kuma faɗi canjin da za a mayar mishi. Kayan aiki, kuɗin ƙarfe na gaske: mai lamba 25, mai 50, da mai 100, sai allon kowane yaro da alli. Ya raba lokaci gida huɗu. Minti 5 na tuna darasin jiya, minti 10 na sabon abu, minti 10 na aiki a kan allo, minti 5 na gwaji a ƙarshe. Ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinsu. Ƙosai na faran 25 da rake na faran 50, an biya 75. In an ba da 100, canji 25. Malama ta karanta takardar, ta ga ta yi tsaf, ta sa hannu.

Ran Talata malamin dubawa ya zo, dattijo ne mai furfura. Ya karɓi takardar shiri, ya zauna a bencin baya, ya aje agogonsa a gabansa.

Tuna darasin jiya ya ci minti 12 maimakon 5, don saurayin yana tambaya, aji duka suna amsawa da murya ɗaya, shi kuwa yana jin daɗi yana ƙarawa. Da ya duba lokaci sai gabansa ya faɗi, ya shiga sauri. Bai rubuta lambobi a babban allo ba. Sai ya ɗaga kuɗin da hannu. Ya nuna mai 25 ya ce: «Wannan na ƙosai.» Ya nuna mai 50 ya ce: «Wannan na rake. Nawa aka biya? Ku rubuta.»

A lakol akwai dabarar allo. Kowane yaro ya rubuta amsarsa shi kaɗai, ya kife. In malami ya buga tebur, sai duka su ɗaga tare. Ya buga tebur, alluna suka tashi. Ya duba bencin gaba, ya ga wani yaro ya rubuta 75, ya yaba mishi. Sauran kuwa da yawa 15 suka rubuta. Ya ce: «Kuskure ne, ku goge.»

Wata yarinya a baya ta ɗaga hannu. Kullum da safe ita ke kai wa uwarta tallar ƙosai kafin ta zo lakol. Ta ce: «Mushe, sha biyar ne.» Ya ce: «Zauna, ki ƙara tunani.» Yara suka yi dariya. Ta zauna, ta kife allonta, ba ta sake ɗaga shi ba har aka tashi.

Ya yi tambaya ta biyu, ya ɗaga mai 100, ya ce canji nawa. Yana jiran 25. Yawancin alluna 5 suka nuna. Ya rubuta 25 a babban allo, ya sa aji suka maimaita sau uku. Lokaci ya ƙare, gwajin ƙarshe bai samu ba.

Da yara suka fita shan iska, su uku suka zauna ƙarƙashin bedi: dattijo, da malama, da saurayi. Ka'idar aikin ita ce ɗalibin ya fara faɗin yadda ya ga darasinsa. Saurayi ya ce: «Ranka ya daɗe, lokaci ne ya kuɓuce mini. Yaran kuma ba su gane lissafi ba.»

Dattijo ya ce: «Maganar lokaci gaskiyarka, malam. Amma yara nawa suka rubuta 15?» Saurayi ya yi shiru, bai ƙirga ba. Dattijo ya buɗe kayensa ya ce: «Ni na ƙirga daga baya. 38 suka rubuta 15. 14 suka rubuta 75. Sauran 8 kowa da tasa. In yaro yana caɓa amsa ne, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Amma in yara 38 suka haɗu a kan amsa guda, akwai dalili. Kai ne za ka nemo shi.»

Ya ciro mai lamba 25 daga aljihu ya ce: «In ka je kasuwa, me kake ce wa wannan?» Saurayi ya ce: «Dala biyar.» Ya ciro mai 50. «Wannan fa?» Ya ce: «Dala goma.» Bai rufe baki ba sai ya dafe kai. Dala 5 da dala 10, dala 15 ke nan. Mai 100 kuwa dala 20 ce, in an cire 15 saura 5. Ashe yaran ba su yi kuskure ba ko sau ɗaya.

Ga inda aka rabu. Lambar da ke jikin kuɗin sefa faran take ƙirgawa, wanda tsofaffi ke kira tamma. Bakin Bahaushe kuwa dala yake ƙirgawa. Dala ɗaya faran 5 ce. Saboda haka lambar da ke rubuce ta ninka abin da ake faɗi a kasuwa sau biyar. Littafin lakol da faran yake lissafi, yaran Matameye kuwa da dala suka tashi. Da saurayin ya rubuta lambobi, da wataƙila sun bi lambobin. Da ya nuna kuɗin a hannu, sai suka kira su da sunansu na gida. Alamar tana nan a fili: 75 ta ninka 15 sau biyar, 25 ma ta ninka 5 sau biyar.

Malama ta ce ita ma da rabonta a ciki, don ta karanta takardar ba ta hango ba. Dattijo ya nuna wa saurayin abin da takardarsa ta rasa. Ta faɗi abin da malami zai ce, da amsar da yake jira. Ba ta faɗi abin da yara suka riga suka sani daga gida ba, ba ta kuma faɗi amsar dabam da za su iya kawowa ba. Ya ce: «Mai shuka yakan duba ƙasa kafin ya zuba iri. Kuma amsar aji da murya ɗaya kada ta ruɗe ka, mutum biyar ke jan sauran. Allo shi ke faɗin gaskiya, in ka taka har bencin baya ka ƙirga.» Makin da ya ba shi ranar bai yi yawa ba. Amma ya ce zai dawo, ya ga darasin nan an sake shi.

Da dare saurayi ya juya bayan takardar ya rubuta abu uku: abin da ya shirya, abin da ya faru, da abin da zai canza. Sa'an nan ya yi sabon shiri. Ya rage tuna darasin jiya zuwa tambaya biyu, a kan allo. Sabon abu kuwa ya fara shi da abin da yara suka sani. Zai nuna kuɗi, su faɗi sunansa na kasuwa, sa'an nan su karanta lambar da ke jikinsa. Zai ja layi a tsakiyar babban allo, gefe ɗaya dala, gefe ɗaya faran: dala 1 faran 5, dala 2 faran 10, dala 5 faran 25, dala 10 faran 50, dala 20 faran 100. Ya ƙara doka guda: duk wanda ya rubuta kuɗi, ya rubuta ko dala ce ko faran, don «biyar» kaɗai tana iya zama kuɗi biyu dabam. A gefen kowace tambaya kuma ya rubuta: in sun ce 15, da dala suka ƙirga, a tambaye su faran nawa ke nan.

Washegari, kafin a fara karatu, ya kira yarinyar nan gaban aji. Ya ce: «Jiya kin ce sha biyar, na ce ki zauna. Ke ce da gaskiya, dala 15 ce.» Ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba.

Da dattijo ya dawo aka sake darasin. Ita aka sa mai sayarwa, da faifai a gabanta, yara suna zuwa saye. Ita tana faɗin kuɗin da dala, aji suna ƙirga biyar biyar suna rubuta faran. A gwajin ƙarshe saurayi ya zaga har baya ya ƙirga alluna da kansa. Yara 47 suka samu, 13 ba su samu ba. Ya rubuta sunayen 13 ɗin don ya zauna da su gobe. Ya lura yawancinsu ƙirgan biyar biyar ne bai zauna musu ba, in sun wuce 50 sai su ɓace. Wannan aikin wata rana ne, darasi ɗaya ba ya gama shi. Dattijo ya duba sunayen, ya gyaɗa kai, ya ƙara mishi maki.

Jama'a, wannan lissafi ya shafe ku ku ma. Takardar magani, da ta haraji, da ta awon gyaɗa ko ta sayar da bisa, duk da faran ake rubuta su. In kun ga lamba, ku raba ta gida biyar, ku samu dala. In an rubuta 1500, dala 300 ke nan, watau jika ɗaya da rabi. In kuma yaronku ya dawo daga lakol ya ce mushe ya ce ya yi kuskure a lissafin kuɗi, kafin ku yi mishi faɗa ku tambaye shi: da dala ya ƙirga, ko da faran?